Ƙululun fatar kai: ka aske ka wuce, kada ka tsaga

"Maigida, jiya ina yi wa wani dattijo aski na tarar da ƙululu 2 a kansa, kowanne bai wuce ƙwallon dabino ba, kuma ba sa yi masa zafi. Ya ce in tsaga in matse masa, zai ƙara mini kuɗi. Me ke kawo su, kuma in tsaga ko in bari?"

Kada askarka ta shiga wurin. Zauna ka ji abin da irin wannan ƙarin kuɗin ya taɓa ja mini, don ku yaran yanzu da an ambaci kuɗi sai hannunku ya riga hankalinku zuwa zabira.

Sama da shekara 20 ke nan. Akwai wani Alhaji, dillalin shanu, wanda mahaifina ne ya yi masa kaciya, ni kuma na gaji gidan: askin suna, kaciyar yara, ƙaho, duk nawa ne. Yana da irin wannan ƙululu a saman ƙeya, girman ƙwan zabo, kullum hula ke rufe masa shi. Da tafiyar Makka ta kama shi sai ya tuna cewa mai harami ba ya rufe kai. Ya kira ni zaure da daddare ya ce in raba shi da abin, rago ne ladana. Na tambaye shi ko yana da wani ciwo a jiki, ya ce ƙalau yake. Ashe ya daɗe da ciwon suga, ya ɓoye mini don kada in ƙi.

Na tsaga. Fatar kai ba kamar fatar baya ba ce da muke kafa ƙaho, jini take zubarwa sosai, sai da na jiƙa tsumma 3 kafin na ga abin da nake yi. Na matse, wani farin abu mai kauri kamar awara ya fito, wurin ya kwanta sumul. Ya yi ta sa mini albarka, ya tafi ya dawo lafiya. Rago dai ban gani ba. Shekara ba ta zagayo ba sai ga ƙululu a gurbinsa, wannan karon a ƙarƙashin tabo, ya manne da fata. Ya ce aikina ne bai yi ba, in sake. Na sake, kuma nan ne ta ɓaci. Kwana 4 wurin ya yi ja, ya ɗau ruwa, ƙeya ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ni na kai shi asibiti, ni na sayar da kekena na biya magani don in fita kunya. Da ya miƙe, bai gaya wa kowa ya ɓoye ciwonsa ba. Cewa ya yi askata ba ta da tsabta. Gidan da muka yi wa aiki tun kakana, da gidajen ƙannensa 2, duk suka koma wajen wani. Har yau in na bi ta ƙofar gidan raina sai ya ɓaci.

Abin da na tsira da shi daga wannan asara shi ne bayanin likitan da ya cire masa daga baya, don ya bar ni na tsaya na gani. Su suna kiransa faila sis. Ba maruru ba ne, ba kitse ba ne, kuma ba jifa ba ne. 'Yar jaka ce da ke tasowa daga kuben da ke lulluɓe saiwar gashi. Bangon jakar kullum yana zubo irin sinadarin da ake yin gashi da farce da shi, kuma ba shi da ƙofar fita, sai ya taru a ciki, jakar ta yi ta girma a hankali shekara da shekaru. Shi ya sa kusan 9 cikin 10 a kai suke fitowa, inda gashi ya fi yawa. Shi ya sa kuma matsewa aikin banza ne: ka zubar da abin da ke ciki, ka bar jakar da ke yin sa. Na ga jakar Alhaji a cikin 'yar tasa, fara, mai kauri kamar ɓawon dafaffen ƙwai na ciki amma ta fi shi tauri nesa ba kusa ba.

Yawanci gado ne. Ka tambayi dattijon nan, ba mamaki ya ce uwarsa ko ubansa ma suna da shi, kuma wanda ya gada ya fi samun fiye da ɗaya. Mata sun fi maza samu, masu kitso sun fi mu saninsa. Ba a ɗauka, askarka ba za ta kai wa wani ba.

Yadda ake riƙe fata a zagaye tudu da aska ba sai na koya maka ba. Abin da nake so yatsanka ya koya shi ne ganewa. Na gaskiya zagayayye ne, sumul, da ɗan tauri, in ka tura shi sai ya goce ƙarƙashin yatsa, ba ya manne da ƙoƙon kai, yawanci ba shi da baƙin ido a tsakiya, gashin samansa kan yi shara-shara in ya girma. In haka yake, ƙarami ne, ba zafi, ya yi shekaru bai canza ba, a bar shi. Mutum na iya tsufa da abinsa bai cutar da shi ba.

Wanda za a cire shi ne wanda ya dami mai shi: mataji na kama shi, hula ba ta zama, yana hana kwanciya ta wannan ɓangaren, ko ya taɓa fashewa. Ko da muninsa kawai mutum ba ya so, wannan ma dalili ne. Amma a asibiti. Allurar kashe zafi za su yi a wurin, su tsaga fata kaɗan, su fito da jakar ɗungurungum, su ɗinke, bayan kwana 7 zuwa 10 a cire zare. Wanda ba a taɓa taɓawa ba, zamewa yake ya fito kamar gyaɗa daga ɓawo. Na Alhaji sai da likita ya yi ta fama, saboda tabon da na bari ya haɗe jakar da fata. In kuwa ya riga ya yi ja yana zafi, ba a cirewa a lokacin, sai an yi maganin kumburin ya lafa na wasu makonni.

Akwai kuma waɗanda ko jinkiri ba za ka bari a yi ba. Ƙululun da ya daɗe shiru sannan ya tashi girma cikin 'yan watanni, ko ya fashe ya zama gyambo yana jini, musamman a kan tsohuwa, wannan sai an cire an kai gwaji, don kaɗan daga cikinsu kan rikiɗe su zama ƙari. Wanda ya kafe ba ya motsi, ko kake jin yana bugawa kamar jijiya, ba irin namu ba ne. Mafi haɗari, ranar suna kana askin jariri ka ga tudu a tsakiyar kai, ko a ƙeya, ko kusa da maɗiga. Wani yana da hanya har cikin ƙoƙon kai. Ka kira uban yaron gefe ka ce asibiti, yau.

Dattijonka kuwa, in ya dawo ka aske masa, ka gaya masa jaka ce kuma ɗinki take bukata. In ya nace, ka turo mini shi.