Ma'aikaci yana aiki daga gida, me ya rataya a wuyan mai kamfani?

"Ina da ma'aikata shida da suka koma aiki daga gida. Ɗaya ta ce sai na biya mata kuɗin intanet da kujera, kuma saƙon da nake tura mata da dare in lissafa shi cikin awannin aiki. Tana da gaskiya?"

Malam, a mafi yawan abin da ta faɗa tana da gaskiya, sai dai iyakar abin ya danganta da dokar ƙwadago ta ƙasarku da takardar ɗaukar aiki.

Maganar dare ta fi ta kujera haɗari. Awa ta aiki ita ce duk lokacin da ma'aikaci yake ƙarƙashin umarninka, ko a ofis ko a kan tabarmarsa. A Tarayyar Turai, misali, dole a ba ma'aikaci hutun awa 11 a jere kowace rana, kuma matsakaicin aikin mako kada ya wuce awa 48. To, ka tura mata saƙo ƙarfe 10 na dare, ta buɗe kwamfuta ta gyara takarda, ta gama 10:20. A idonka minti 20 ne kacal. A wannan lissafin kuwa ka katse hutunta, bai kamata ta koma aiki ba sai 9:20 na safe. Ranar da rigima ta kai kotu, saƙonnin nan masu ɗauke da lokaci su ne shaidarta, kai kuma in ba ka ajiye rajistar shiga da tashi ba, bakinka kawai gare ka. Shi ya sa Faransa ta kafa dokar 'yancin kashe waya bayan aiki tun 2017. Ka rubuta lokacin farawa da na tashi, da wanda zai amince da ƙarin awanni kafin a yi su. Saƙon da ba na gaggawa ba, saita shi ya tafi da safe.

Batun kuɗi, abin da aiki ba ya yiwuwa sai da shi naka ne: kwamfuta, manhaja, gyara. Intanet da wuta kuwa ƙarin da aikin ya jawo za ka biya. A kwatanta takardar biyan watannin baya da ta yanzu, ko ku yanke alawus na wata-wata a rubuce, wanda ya fi sauƙi kuma yana rage gardama.

Kujera ba kayan ƙawa ba ce. Mai duƙawa kan kwamfutar cinya awa takwas, wuya da kafaɗa ne ke fara kuka, sannan ƙugu. Ba sai ka shiga gidanta ba, ta turo hoton inda take zama. Ka duba saman allo ya yi daidai da idonta, nisansa kamar tsawon hannu, tafin ƙafa a ƙasa, kuma ba a cusa filogi da yawa a soket ɗaya ba. Ka ajiye hoton da kwanan wata, domin raunin da ya faru a bakin aiki a gida, ƙasashe da dama suna ɗaukarsa hatsarin aiki.