Yadda ake gane amsar tarko a jarrabawar tsaftar abinci

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina koyon aikin girki a Samaru, kuma na haddace ma'aunan zafi duka. Amma idan aka kawo tambaya mai labari da zaɓi huɗu, sai in ga biyu duk daidai ne. Yaya zan bambance su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Da gangan ake shirya su haka. Amsar tarko ba ƙarya ba ce, gaskiya ce da aka ajiye inda ba muhallinta ba. Don haka ki fara karanta layin ƙarshe, inda ainihin tambayar take, sannan ki koma labarin ki tsamo abu uku: wane abinci ne, awa nawa ya yi, zafinsa nawa.

Ga misali. An sauke dafa-duka ƙarfe 12 na rana a gidan biki a Tudun Wada, aka bar ta kan tebur. Ƙarfe 5 na yamma ma'auni ya nuna 35°C. Me za a yi? A, a ɗumama ta zuwa 75°C. B, a sa a firji. C, a zubar. D, a sansana a ɗanɗana.

D ce ta farkon fita, domin ƙwayoyin cutar da ke sa amai da gudawa ba lallai su canza ƙamshi ko ɗanɗano ba. B ma ta fita: sanyi yana rage yaɗuwarsu ne kawai, ba ya gyara abin da ya riga ya lalace.

A ce ke kayar da ɗalibai, kuma ina fahimtar dalili. 75°C lamba ce da kika haddace, idonki na ganinta hankalinki ya kwanta. To amma ki lissafa lokacin. Awa biyar ke nan shinkafar tana tsakanin 5°C da 60°C, inda ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, ko dai mafi yawan awannin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka. Ga shi kuma shinkafa ce, wadda ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus ke iya tsira daga dahuwarta, ta zuba dafin da ɗumame ba ya kashewa. Amsa C ce, duk da zubar da abinci yana da ciwo a al'adarmu.

Yanzu ki canza lamba ɗaya. Da ƙarfe 1 aka auna, A ta zama daidai. Da ma'aunin ya nuna 65°C saboda tukunyar tana kan garwashi tun rana, ba abin da za a zubar.

Ki kuma lura da ƙananan kalmomin Turanci da ke cikin tambayar, irin su FIRST, wato "da farko", da EXCEPT, wato "ban da". Idan ta farkon ce, zaɓi uku na iya zama daidai, amma wanda ke tsayar da haɗarin nan take ake nema: janye abincin daga gaban masu ci yana gaba da rubuta rahoto. Idan ta biyun ce, wadda ba daidai ba za ki zaɓa.