Masara ta yi ɗumi a cikin buhu

"Jama'a na shanya masarata na zuba a buhu, wata biyu kacal na buɗe na ji ta da ɗumi ga warin fumfuna ga ƙwari, meye matsalar?"

Ɗan'uwa wallahi masarar nan ba ta gama bushewa ba ka ɗure ta. Danshin ƙwayar bai kamata ya wuce kashi 13 cikin ɗari ba, iskar ɗakin kuma laimarta kar ta haura kashi 65, in ta wuce 70 fumfuna ta samu gida.

Shi ɗumin da ka ji daga ciki yake fitowa, hatsi mai danshi numfashi yake, ƙwarin ma haka, sai su fitar da zafi da ruwa, zafin ya ƙara musu hayayyafa, abu yana ta ciyar da kansa. Tsakanin digiri 25 zuwa 32 ƙwai kan zama cikakken ƙwaro cikin kamar wata guda, ƙasa da digiri 15 kuwa kusan sun daina haihuwa.

Yau ɗin nan ka juye ka sake shanyawa. Don gane ko ta bushe, ka zuba ƴar masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ka rufe ka girgiza ka bari ta ɗan jima, in gishirin ya manne jikin kwalba da sauran danshi. Kuma kar ka ɗure ta da zafin rana, bari ta huce a inuwa, ka ɗora buhun kan katako nesa da bango. Wadda ta yi fumfuna don Allah a zubar, ko dabba kar a ba, gubarta dahuwa ba ta kashe ta.