Ban yi sahur ba, daga ina sukarin jinina ya fito?

"Assalamu alaikum. Jiya na makara ban yi sahur ba, rabona da abinci tun tuwon ƙarfe takwas na dare. Bayan la'asar na gwada da na'urar Hajiyarmu na ga sukarina 79. Daga ina ya fito? Ko kitsen jikina ne ya koma sukari?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin jini, kuma duk azumi sai an yi min wannan tambayar. Hantarka ce ta ciyar da kai.

Duk sukarin da ke yawo a jinin babban mutum bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cikin ƙaramin cokalin shayi. Ƙwaƙwalwa kuwa ita kaɗai tana cin kusan giram 120 a kwana ɗaya. Ka ga dole a riƙa zubo wani a kai a kai.

Lokacin da ka ci tuwon nan, sinadarin insulin ya tashi, hanta ta tara sukari ta ɗaure shi ya zama gilaikojin. Rumbu ne, amma ƙarami, abin da yake ɗauka kusan giram 100 ne. Da hanji ya gama aikinsa sai insulin ya sauka, gulukagon, sinadarin da ke sa hanta ta saki sukari, ya hau, hanta ta fara kwance ajiyar tana saki cikin jini. Tsoka ma tana da nata gilaikojin, har wajen giram 400, sai dai ba ta da sinadarin da ke cire wa sukari ƙullin fosfet ya samu fita. Don haka abin da ke cinyarka cinyar ce kawai za ta ƙona shi.

Yanzu lissafa naka. Wanda ya yi sahur awa 13 zuwa 14 yake yi, rumbunsa yakan kai shi magariba. Kai kuwa bayan la'asar ka riga ka yi awa 20, ajiyar hanta kuma kusan ƙarewa take yi a cikin awa 24. Saboda haka mafi yawan 79 ɗin da ka gani sabon sukari ne da hanta ta ƙera da kanta. Tun cikin dare ta fara wannan aiki a hankali, yana ƙaruwa gwargwadon yadda rumbun ke raguwa. Tana tattara laktet da jajayen ƙwayoyin jini ke zubarwa, da giliserol da ke fitowa daga kitse, da guntayen furotin da tsoka ke aikowa, musamman alanin.

A nan ne mutane suka fi kuskure game da kitse. Idan ya narke gida biyu yake rabuwa: giliserol, wanda ɗan kaɗan ne, da asid ɗin mai. Giliserol ɗin ne ke iya zama sukari. Asid ɗin mai ba ya komawa sukari a jikin ɗan Adam. Tsoka da zuciya suna ƙona shi kai tsaye, su bar wa ƙwaƙwalwa sukarin, hanta ma da ƙarfinsa take ƙera sabon sukarin. Idan ya yi wa hanta yawa sai ta mai da shi kiton, wanda shi yana iya shiga ƙwaƙwalwa. Sai an kwana biyu zuwa uku ba abinci yake taruwa sosai, kuma shi ne ke rage wa tsoka asara idan yunwa ta daɗe. A azuminmu da ake buɗe baki kullum ɗan kaɗan ake samu. Warin bakin la'asar ma yawanci bushewar yawu ce.

Abin da ya fi damuna na'urar nan ta Hajiya, don alama ce tana da ciwon sukari. Duk wannan tsari ya dogara ne ga saukar insulin. Mai shan maganin ciwon sukari na gilibenkilamaid ko mai yin allurar insulin, insulin ɗinsa ba ya sauka yadda ya kamata, sai hanta ta ƙi saki, sukarin jininsa ya faɗi. Zai fara gumi, da karkarwa, da magana ba kan gado. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 mg/dL a karya azumin nan take, haka ma in ta haura 300.

Akwai kuma ɗaya gefen. Na taɓa karɓar jinin wani saurayi mai dogaro da allura, wanda ya daina yin ta wai ai ba ya cin abinci. Da babu insulin ko kaɗan, kitse ya yi ta narkewa ba birki, kiton ya cika jininsa har ya yi tsami. An kawo shi yana amai, cikinsa na ciwo, yana jan numfashi mai zurfi, bakinsa na warin maganin goge farce. Tsinken gwajin fitsari ya rine cikin daƙiƙoƙi. Irin wannan asibiti ake nufa a daren, ba a jira safiya.

In Hajiya za ta ɗauki azumi, ka raka ta wajen likitanta tun kafin ta fara, a gyara mata lokacin magani da yawansa.