Ra'ayi mai togaciya ba yabo ba ne

"Malam, a rahoton odita da ka ba ni jiya na fassara qualified opinion da 'ra'ayin ƙwararru', sai na ga ka soke da jan biro. Ba ƙwarewa kalmar take nufi ba? Kuma me ya sa ka zagaye min 48,250, alhali daidai na kwafe shi?"

Ɗana, jawo kujera. A bakin mai ɗaukar ma'aikata ƙwarewa take nufi, amma a bakin odita ma'anarta togaciya. Wato ya duba littattafan ya yarda da su, in ban da wani wuri guda da ya ware. Ka ga ke nan ka ɗauki gargaɗi ka mayar da shi yabo. Da takardar nan ta isa taron masu hannun jari a Sabon Gari a haka, da an tafa an watse, babu mai tambayar komai.

Ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya mai lamba 705 ita ta tsara wannan. Idan odita bai ba da ra'ayi tsaf ba, hanya uku gare shi. Matsalar da ke da nauyi amma ba ta game rahoton duka ba, togaciya ake yi mata. In kuskuren yana da nauyi kuma ya game ko'ina, sai ya ce bayanan ba su nuna gaskiyar halin kamfanin ba. In kuwa hujja ce ya rasa, kuma rashin ya shafi ko'ina, sai ya janye, ya ƙi faɗin ra'ayi. Mu a nan "ra'ayi mai togaciya" muke rubutawa, kuma da zarar ka sa shi a kanun, haka za ka maimaita shi har shafin ƙarshe. Kada ka ce za ka sauya kalma don gudun gundura, ba waƙa kake rerawa ba.

To, buɗe shafi na biyu. Kamfanin nan taki yake sayarwa. An ɗauki oditan ne bayan shekara ta ƙare, saboda haka ba ya nan ranar 31 ga Disamba da aka ƙirga buhunan da ke sito, kuma bai sami wata hanyar tabbatar da adadin ba. Bai ce buhunan sun ɓata ba, bai ce an yi ƙarya ba. Cewa ya yi bai gani ba. Shi ya sa ya rubuta possible effects, ba effects kawai ba, kai kuma ka haɗiye kalmar farko ka rubuta "illar da wannan matsala ta jawo". Da wannan ka yanke wa mai kula da sito hukuncin da odita bai yanke ba. Rubuta haka: "A ra'ayinmu, ban da tasirin da ka iya biyo bayan al'amarin da aka bayyana a sashen Dalilin Ra'ayi Mai Togaciya, bayanan kuɗin sun nuna hoto na gaskiya da adalci." Na san jimlar tana da nauyi a baki, bar ta da nauyinta. "A ra'ayinmu" kuma ya tsaya yadda yake, ban da "muna ganin kamar". Mutumin da ya sa hannu ya ɗora lambar rajistarsa a ƙasa, ba hirar shayi yake yi ba.

Lambar kuwa, gaskiyarka, ba ka ɓata ko ɗigo ba. Kan ginshiƙin ka bari a baya. Dubi can sama, an rubuta ₦'000, ma'ana kowace lamba a ƙarƙashinsa dubbai ce. Takin da ke sito na naira miliyan 48 da dubu 250 ne, kai kuwa teburinka ya mayar da shi naira dubu 48 da 250. Ka mayar da alamar a kan kowane tebur, ko da teburin ya tsallaka wani shafi. Cikin teburin kada ka ƙara sifili da kanka, kada ka dunƙule lamba ka ce "kusan miliyan 48".

Akwai ma wadda ban zagaye ba, na bar ka ka gano. Layin ƙarshe an rubuta (3,120), kai ka cire baka biyun don ka ɗauka ado ne. A wajen akanta baka biyu a wannan layi asara ce. Kamfanin ya yi asarar naira miliyan 3 da dubu 120, kai ka ba shi riba.

Kafin ka dawo min da aikin, ɗauki kalkuleta ka tara kowane ginshiƙi daga fassararka, ba daga asalin ba, ka ga ko jimilla ta fito. Sannan ka kira abokin aikinka, shi ya riƙe na Turancin, kai ka karanta lambobin da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. In ka tarar asalin ne lissafinsa bai tashi ba, kada ka gyara. Kwafe shi yadda yake, ka rubuta lambar shafin a wata takarda daban, ni zan kira mai aikin bayan la'asar.