Katangar maƙwabci ta shigo filina, rufinsa kuma yana zuba mini ruwa

Wani mai karatu daga wata sabuwar unguwa a gefen birnin Kano ya aiko da tambaya kamar haka: "Barista, na sayi fili awon igiya mai ƙafa 50 da 75, na yi gini a rabinsa ina zaune da iyalina. Shekara uku da suka wuce maƙwabcina ya ja katanga tsakaninmu, sannan ya ɗora ɗakuna a jikinta. Bana da na kawo magini zai fitar mini da harsashin sauran rabin, sai ya ce faɗin filin ya ragu da ƙafa ɗaya da rabi tun daga gaba har baya. Ga shi kuma bakin kwanon rufinsa ya leƙo cikin gidana, duk damina ruwansa a tsakar gidana yake sauka. Na yi masa magana ya ce in yi abin da zan yi. Tunda filina ne, ina da takarda, zan iya sa a rushe abin da ya shigo, ko in kai shi wurin 'yan sanda?"

Malam, na fahimci ɓacin ranka, kuma idan yadda ka faɗa haka maganar take, amsar da maƙwabcinka ya ba ka ba ta mutumin da ke son zaman lafiya ba ce. Sai dai ɓangarenka kaɗai na ji, takardunka ma ban gani ba, don haka abin da zan faɗa ja-gora ne kawai kafin ka zauna da lauyan da zai duba su.

Bari in fara da rusau, domin nan ne za ka fi saurin jefa kanka cikin wahala. Ko da ta tabbata katangar tana kan filinka, doka ba ta ba ka damar zama mai ƙara, kuma alƙali, kuma mai zartar da hukunci ba. Ranar da ka sa lebura ya ɗora guduma a kanta, ka buɗe wa maƙwabcinka ƙofar shigar da kai ƙarar ɓarna da gangan a ƙarƙashin sashe na 326 da 327 na kundin Penal Code, idan kuma an taka cikin gidansa wajen aikin a ƙara da laifin shiga wurin wani ba izini. Balle katangar da ke ɗauke da ɗakuna, wadda idan ta zube a kan mutum maganar ta wuce ta ƙafa ɗaya da rabi. Reshen bishiyar da ya leƙo gidanka doka takan yi sassauci idan ka sare shi bayan ka sanar da mai shi, amma kada ka yi ƙiyasin gini da reshe.

'Yan sanda ma ba su ne hanya ba. Rikicin iyaka shari'a ce ta haƙƙi tsakanin mutum biyu, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan irin wannan lamari. Abin da suke iyawa shi ne shiga tsakani idan an fara barazana ko ana shirin ba hamata iska. Ba su da hurumin cewa iyaka nan take.

Yanzu ga abin da nake ganin ka ɗauka da sauƙi, alhali shi ne ƙashin bayan maganar: ta yaya za ka tabbatar cewa filinka ne aka ci? Ka ce kana da takarda. Takardar cinikin fili awon igiya galibi abin da take ɗauke da shi shi ne sunan mai sayarwa da mai saye, kuɗi, shaidu, sa hannun mai unguwa, da cewa fili ƙafa kaza da kaza ne, ya yi iyaka da wane ta gabas da wane ta yamma. Tana nuna girman abin da ka saya, amma ba ta nuna daga wane wuri a ƙasa aka fara awon ba. Saboda haka raguwar ƙafa ɗaya da rabi tana iya kasancewa daga wannan maƙwabcin, tana iya kasancewa daga na ɗaya ɓangaren, tana iya zama hanya ce ta ci, kuma yana yiwuwa tun ranar da aka yanka filayen dillali ya sayar da ƙafa ɗari a wurin da bai wuce casa'in da bakwai ba. Wannan na ƙarshen yana faruwa fiye da yadda mutane suke zato. A shari'ar fili, mai ƙara ne zai nuna wa kotu ainihin wurin da yake da'awa da iyakokinsa ba tare da shakka ba, kuma da ƙarfin hujjarsa zai ci, raunin hujjar abokin shari'a ba zai wadatar da shi ba. Awon magini da tef ba zai ɗauke ka ba. Ka nemo safiyo mai rajista ya auna filinka da na maƙwabtanka na dama da hagu, ya nemi turakun asali idan da sauransu, ya zana taswirar da za ta nuna inda katangar take. Ka kuma nemo wanda ya yanka filayen tun yana da rai da lafiya, domin a awon igiya shaidarsa takan yi nauyi ƙwarai.

Sai batun shirun shekara uku, wanda ba za ka ji daɗinsa ba. Kana zaune a gidan aka haƙa harsashi, aka jera bulo, aka yi rufi, ba ka ce uffan ba. Wannan bai kashe haƙƙinka ba. Dokokin ƙayyade lokacin shigar da ƙarar fili sun bambanta daga jiha zuwa jiha, wasu shekara 10 wasu 12, a fiƙihun Malikiyya kuma hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum har da'awar wani a kansa ta faɗi, tsakanin waɗanda ba dangi ba shekara 10 ne, idan mai haƙƙi yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana. Ba ka kai ko ɗaya ba. Amma umarnin a rushe gini ba abu ne da kotu take bayarwa kai tsaye don kawai mutum ya tabbatar da mallaka ba. Alƙali yana duba adalci, yana tambayar ko mai ƙara ya san ana shiga haƙƙinsa ya zuba ido har wani ya kashe dukiyarsa. Kai za ka ce sai bana ka gano, kuma wannan amsa ce mai ma'ana, amma lauyansa zai tambaye ka yadda aka ja katanga mai tsawon ƙafa 75 a gefen ɗakinka ba ka taɓa aunawa ba. Yana iya yiwuwa kotu ta yarda filinka ne, amma ta ce a biya ka diyya maimakon rusau. Tana iya ba da rusau ɗin ma, musamman idan ta bayyana cewa an gargaɗe shi ya yi kunnen uwar shegu. Babu lauyan kirki da zai yi maka alkawarin ɗaya daga ciki.

Daga yau dai kada shirun ya ci gaba. Wasiƙar lauya mai kwanan wata, da kwafin awon safiyo a haɗe, a miƙa masa a gaban shaida. Wannan aikin yini ɗaya ne. Idan ya fara ƙarin gini a wurin, a nan ne ake gaggawar neman umarnin dakatarwa na wucin gadi.

Maganar rufi daban ce, kuma a nan ƙafarka ta fi ƙarfi. Haƙƙin mai fili ya haɗa da sararin da ke samansa gwargwadon abin da yake buƙata don amfanin yau da kullum, don haka bakin kwanon da ya tsallako iyaka shiga haƙƙi ne ko da bai taɓa ƙasa ba, kuma kullum yana nan laifin sabo yake zama. Ruwan da yake zubowa kuma cutarwa ce mai zaman kanta. Ko da a ce safiyo ya gano katangar tana daidai kan iyaka, ba shi da ikon mayar da tsakar gidanka magudanar ruwansa. Malamanmu sun daɗe da yin bayani a kan indararon da ke zuba a gidan maƙwabci, bisa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Ka ɗauki hoto da bidiyo lokacin da ake ruwan, da inda gindin bangonka ya jiƙe ko filasta ta ɓare, ka ajiye rasit na duk gyaran da ka yi. Gyaran nasa ba mai tsada ba ne: kafinta ya datse kwanon, a ɗora bulo biyu ko uku a kan katangar su tare bakinsa, a sa magudana ta juya ruwan cikin gidansa ko waje. Abin mamaki ne a ce mutum zai bari a kai shi gaban alƙali a kan aikin kwana biyu.

Idan ta kai ga kotu, a kula da hurumi. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 39, rikicin filin da ke ƙarƙashin izinin mallaka na gwamna Babbar Kotun Jiha kaɗai ke saurarensa, filin karkara mai izinin ƙaramar hukuma kuma ƙananan kotuna suna iya ji bisa sashe na 41. Unguwannin gefen birni irin taku sai an duba ko suna cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, domin mutum yakan yi shekaru yana shari'a ya ci, a ɗaukaka ƙara a rushe komai saboda an fara a kotun da ba ta da hurumi. Kana iya kai koke KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, a kan ginin da ba shi da amincewar hukuma, amma ka fara tambayar kanka ko naka ginin yana da ita.

Ka yi wannan lissafin kafin ka yanke shawara. Ƙafa ɗaya da rabi sau 75 ya ba da murabba'in ƙafa 112 da rabi, filinka duka kuma 3,750 ne, wato kashi 3 cikin ɗari. A ce, misali, fili irin naka a unguwar yana kai naira miliyan 10, darajar abin da ake jayayya a kai dubu 300 ke nan. Kuɗin lauya da safiyo da zirga-zirgar shari'ar da za ta iya ɗaukar shekaru suna iya ninka wannan, mutumin kuma yana nan a jikin bangonka, 'ya'yanku suna wasa a layi ɗaya.

Shawarata ita ce ka riƙe awon safiyo a hannu ka je wurin mai unguwa, idan ta gagara a wuce wurin dagaci ko hakimi, ko kuma cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano, inda za a iya mayar da yarjejeniya hukuncin kotu. Ka raba buƙatunka biyu. Rufi da ruwa a gyara kafin damina, ba ciniki a kai. Katanga kuma ko dai ya biya ka kuɗin tsirin da ya ci bisa farashin yau, ko a rubuta cewa wurin naka ne, ya zauna da izininka, kuma duk ranar da aka sake ginin za a koma kan iyakar asali. Idan sayarwa kuka zaɓa, lauya ya duba ko ana buƙatar amincewar hukuma, a gyara awon da ke takardun ku duka biyu, a kafa sababbin turaku a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa.