Sakaya Suna da Ranar Wanka

Tambaya: Malam, ni ce ke rubuta rahoton haɗari a wata masana'anta a Kakuri. Inji ya kama hannun wata ma'aikaciya, an ce in rubuta rahoton da za a raba wa dukkan sassa. Na cire sunayenta da na shaidu, sai shugabana ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Karin maganar ta hau nan? Kuma "an ɓoye suna" ne daidai ko "an sakaya suna"?

Amsa: Malama, rubuta "an sakaya suna". Ɓoyewa kawar da abu ne daga ido, a kai shi inda ba za a gan shi ba, kuma sau da yawa kalmar tana ɗauke da warin rashin gaskiya. Da an ce wane ya ɓoye magana, an fara zarginsa ke nan. Sakayawa kuwa yi wa abu shamaki ne alhali kowa ya san yana nan. Shi ya sa 'yan jarida ke cewa "wani da ya nemi a sakaya sunansa": mutumin yana nan, an san shi, an dai saka labule tsakaninsa da jama'a. A kula da rubutun, sakaya daban, sakayya daban. Ta biyun ramuwa ce ko lada, kuma na sha ganin an cakuɗa su.

Karin maganar shugabanki gaskiya ce, wurin zamanta ne aka sauya. Ku duba kalmar farko: rana. Bahaushe bai ce kullum a bar cibi a waje ba, ya ce ranar wanka, wato lokacin da buɗewar ta zama dole kuma gaban wanda ya kamata ya gani. Ranar wankan wannan lamari ita ce gaban likita, da masu bincike, da hukumar NSITF wadda Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa biyan diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. A can dole a faɗi cikakken suna, da irin raunin, da wanda ya gani, in ba haka ba ita matar ce za ta yi asarar haƙƙinta. Takardar da za a liƙa a allon sanarwa, a kuma tura wa ɗaruruwan mutane a waya, ba banɗaki ba ce, kasuwa ce. Karin maganar da ta dace da ita ita ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Abin da kunne ke bukata shi ne yadda injin ya kama hannu da abin da zai hana ya sake kamawa, kuma babu suna a cikin wannan.

Saboda haka rahoto biyu za ki rubuta. Cikakken ya zauna a kulle wurin mutum biyu ko uku da aikin ya shafa. Na rabawa kuma a rubuta shi sabo, kada a ɗauko cikakken ana gogewa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Duk Bahaushe ya san habaici. Mai habaici ba ya kiran suna, amma kafin ya rufe baki kowa a tsakar gida ya juya ya kalli wadda ake nufi. Hikimar habaici ke nan, siffantawa ta yi aikin suna. Rahoton da aka cire suna aka bar siffa ya zama habaici, ko da marubuciyar ba ta nufa ba.

A ce kin rubuta haka: "Ranar Talata da misalin ƙarfe biyu na dare, wata ma'aikaciya 'yar shekara 26 a sashen cika buhu, mazauniyar Unguwar Mu'azu, ta ji rauni a yatsu uku. A asibiti an gano tana da juna biyu. Mai gyaran lantarki na dare ya ce shugaban aiki ne ya sa aka cire marfin bel ɗin." Babu suna ko ɗaya. To amma mata nawa ne ke aikin dare a sashen cika buhu? In biyu ne, kin nuna ta da yatsa. Masu gyaran lantarki nawa ne a daren Talata? In ɗaya ne, kin miƙa shi ga shugaban da ya ba da shaida a kansa, kuma nan gaba in an nemi shaida kowa zai ce bai ga komai ba. Batun cikin kuwa, wataƙila ko surukanta ba su ji ba tukuna, ga shi masu gadi sun riga su ji. Wannan shi ne tonon asiri, kuma ba ya ƙara wa darasin komai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma ta sa bayanin lafiyar mutum cikin waɗanda ke bukatar kulawa ta musamman.

Ga yadda zan so ya fito: "A wani aikin dare cikin wannan wata, bel ɗin injin cika buhu ya kama hannun wani daga cikin ma'aikata yayin da yake ƙoƙarin cire buhun da ya maƙale, injin kuma yana tafiya. Bincike ya nuna an cire marfin bel ɗin ba a mayar ba." An bar injin, da marfin, da dalilin. Shekaru, unguwa, ranar da sa'ar duk sun tafi. Maganar shaida ta koma "bincike ya nuna", ba a kuma kawo ta da lafazinsa ba, domin mutum ana gane shi ta bakinsa. Abokan aiki sun san wanda ba ya jimla sai ya ce "ka gane ko".

Kin ga na rubuta "wani" alhali mace ce. Hausa ba ta barin jinsi ya ɓuya: wani da wata, ya da ta, wane da wance. Mafita ita ce a yi amfani da "mutum" ko "wani daga cikin ma'aikata", waɗanda nahawunmu ya yarda su ɗauki kowa, ko a juya jimlar da "an": an ji rauni, an kai asibiti. Wannan "an" ɗin baiwa ce ga mai irin aikinki. Haruffan farkon suna kuwa, irin su H.M., ba sakayawa ba ce, kacici-kacici ne mai sauƙi.

Kafin ki fitar, ba wa wani daga wani sashe ya karanta, ki tambaye shi wa ake nufi. In ya canka, da sauran aiki. Ki ƙirga kuma mutum nawa siffar ta hau. In ɗaya ne ko biyu, a faɗaɗa ta. A ƙaramin wuri, waɗanda suke nan daren sun riga sun sani, wannan ba a hannunki yake ba. Abin da kike tsarewa shi ne ranar da takardar ta fita ƙofar masana'anta, ta isa Tudun Wada ko Kawo a wayar wanda bai san kowa ba, don magana zarar bunu ce.

Hoto kuma na injin kawai za a sa, ba fuska, ba katin shaida, ba jini. In kin rufe rubutu da baƙin zane a PDF, ki gwada kwafe wurin ki liƙa a wani shafi, domin sau da yawa sunan yana nan a ƙarƙashi. Ki duba sunan fayil ɗin ma, an saba ajiye shi da sunan wanda ya ji rauni. In da hali, ki karanta wa matar kwafin rabawa kafin kowa ya gani, ki ji ko akwai layin da take so a cire.